DARASI NA BAKWAI: AMFANI DA HOTON KAMFANI WAJEN TANTANCE HAJAR DA AKE SHAKKA, DA MISALI DAGA ATAMFAR HOLANDA

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, kama da wane ba ta wane. Wannan karin magana ya dace da halin da mai saye kan sami kansa a ciki idan aka ɗora masa haja a hannu, aka kira ta da sunan wani shahararren kamfani, amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya da ita. A da, mai irin wannan shakka yakan nemi wani gwani ne ya duba masa. A yau kuwa, yawancin manyan kamfanoni suna wallafa hotunan kayayyakinsu da kansu, ta yadda duk mai wayar hannu zai iya ɗauko hoton ya ajiye kusa da hajar, ya yi kwatanci. Sai dai kwatanci yana da ƙa'ida. Wanda bai san ƙa'idar ba zai iya ƙaryata na gaske, ya kuma gaskata na jabu, alhali hoton yana hannunsa.

A wannan darasi za a yi ƙoƙarin bayyana yadda ake yin wannan kwatanci daki-daki. Domin kada bayanin ya tsaya a iska, an zaɓi haja guda ɗaya da ɗalibai suka sani sarai, wato atamfar Holanda ta kamfanin Vlisco, wadda ake sayarwa a kasuwanni irin su Kantin Kwari ta Kano, ake kuma jerawa a akwatunan lefe.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi ya iya:

(i) bambance hoton da ya cancanci zama ma'auni da wanda bai cancanta ba;
(ii) rarraba siffofin haja zuwa waɗanda dole su yi daidai da hoto, da waɗanda za su iya saɓawa, da waɗanda dole su saɓa;
(iii) gudanar da kwatanci bisa tsari, tare da rubuta sakamakonsa;
(iv) bayyana iyakar abin da hoto zai iya tabbatarwa.

3.0 Hoton da Ya Cancanci Zama Ma'auni

Duk kwatanci yana buƙatar ma'auni, wato abin da aka riga aka amince da shi, wanda za a auna na biyun a kansa. Idan mudun da aka yi awo da shi tauyayye ne, to duk hatsin da aka auna ya tauye. Saboda haka tambaya ta farko ba a kan hajar take ba, a kan hoton take: daga ina ya fito?

Hoton da ɗan kasuwa ya turo wa mai saye ta waya ba ma'auni ba ne, ko da ɗan kasuwar mai gaskiya ne. Dalili kuwa shi ne, ko dai ya ɗauki hoton hajar da ke shagonsa, wadda ita ce ake shakka, ko kuma ya samo shi daga wani da shi ma bai san asalinsa ba. Idan aka kwatanta haja da hoton kanta, ai dole su yi daidai. Haka kuma hoton da ya yi ta yawo daga waya zuwa waya yakan rasa kaifinsa, domin manhajojin aika saƙo suna matse hotuna don su rage musu nauyi. Abin da ke fara ɓacewa a wannan matsewa shi ne ƙananan layuka da gefunan haruffa, waɗanda su ne ake buƙata a wajen kwatanci.

Hoton da ya cancanta shi ne wanda kamfanin ya wallafa da kansa, a kundin kayansa ko a adireshinsa na intanet, wanda game da wannan atamfa shi ne vlisco.com. Ya kamata mai bincike ya rubuta adireshin da hannunsa, maimakon ya bi wanda mai sayarwa ya turo masa, domin akan ƙirƙiri adireshin da ya yi kama da na kamfani a sauya harafi ɗaya kawai.

Bayan an tabbatar da tushen hoton, sai a tabbatar cewa hoton wannan hajar ne, ba na 'yar uwarta ba. Kamfanin yana yin atamfa iri-iri. Akwai wadda yake kira Wax Hollandais, akwai Super-Wax, wadda mata ke kira sufa, da ya fara fitarwa a 1973, wadda saƙarta ta fi matsewa kuma ta fi laushi. Akwai kuma Java, wadda ba a amfani da kaki wajen buga ta. Bugu da ƙari, zane ɗaya yakan fito da launuka daban-daban. Wanda ya ɗauko hoton zane mai shuɗi da rawaya ya kwatanta da turmi mai shuɗi da ja, zai ga saɓani, amma saɓanin daga zaɓin hotonsa ne, ba daga turmin ba. Hanyar kauce wa wannan ita ce a nemi hoton ta lambar zane, wadda ake bugawa a bakin atamfar da kuma kan takardar da aka manna mata.

4.0 Sanin Yadda Ake Yin Haja

Ba za a iya karanta hoto daidai ba sai an san yadda aka yi abin da ke cikinsa. An kafa kamfanin Vlisco a garin Helmond na ƙasar Holanda a 1846, kuma dabarar da yake amfani da ita ta samo asali ne daga rinin kaki na tsibirin Java a Indonesiya, sai dai an mayar da aikin hannu ya koma na inji. A taƙaice, aikin yana bin matakai kamar haka.

Da farko akan sassaƙa zanen a jikin wasu gangunan tagulla masu juyawa. Farin ƙyallen auduga yana wucewa ta tsakaninsu, su kuma suna shafa masa narkakken kaki, ko ƙaro, a fuskokinsa biyu. Daga nan sai a tsoma ƙyallen a rini, sau da yawa na baba. Rinin yana kama duk inda babu kaki, yana barin inda kakin ya rufe. Sa'annan a karya kakin a wanke wani sashe nasa. Inda kakin ya tsage, launi yakan kutsa ya bar siraran jijiyoyi. Inda kuma guntayensa suka maƙale, sukan hana launin da za a ƙara daga baya kamawa, sai su bar ɗige-ɗige masu kama da kumfa. A ƙarshe sai a ƙara sauran launuka ɗaya bayan ɗaya a kan zanen farko.

Idan aka lura da waɗannan matakai za a ga cewa wani ɓangare na aikin ƙarfe ne ke yin sa, wani kuma dace ne. Abin da aka sassaƙa a jikin tagulla ba ya sauyawa, duk juyin da gangar ta yi abu ɗaya za ta buga. Amma yadda kaki zai tsage, da inda guntayensa za su maƙale, babu mai iya tsara shi. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin darasin baki ɗaya.

5.0 Rabe-raben Siffofi

Ɗalibin da ya yi nazarin tsarin sauti ya san cewa ba kowane bambancin furuci ne ke sauya ma'ana ba. Bambancin da ke tsakanin kafa da ƙafa yana raba kalma da kalma. Amma wanda ya ce fita da wanda ya ce hita abu ɗaya suke nufi, karin harshe ne kawai ya bambanta. Haka siffofin haja suke. Ana iya raba su gida uku.

5.1 Siffofin da Dole Su Yi Daidai da Hoto

Waɗannan su ne siffofin da inji ya ƙayyade. Sun haɗa da surar zanen kansa, da adadin abubuwan da ke cikinsa kamar ganyaye ko fukafukai, da inda kowanne ya fuskanta, da tazarar da ke tsakanin zane da maimaicinsa. Sun kuma haɗa da rubutun bakin atamfa. A bakin atamfar kaki ta wannan kamfani akwai rubutun da ke ba da tabbacin asalinta da Ingilishi da Faransanci, tare da sunan kamfanin da lambar zane. A kan takardar da aka manna kuma akwai tambarin rana mai ɗauke da haruffan VVH, waɗanda ke nuni da sunan Van Vlissingen, iyalin da suka kafa kamfanin, da kuma garin Helmond. Idan aka sami saɓani bayyananne a ɗaya daga cikin waɗannan, kamar harafin da ya ɓace ko ganyen da ya ragu, to hujja ce mai ƙarfi.

5.2 Siffofin da Za Su Iya Saɓawa

Launi shi ne babban misali a nan, kuma shi ne wanda ya fi ruɗin mutane. Allon waya yana fitar da launi ne da hasken kansa, ƙyalle kuwa yana mayar da hasken da ya faɗo masa. Waya biyu ma ba sa nuna shuɗi iri ɗaya, kuma wayar da aka kunna mata tsarin rage hasken dare tana mayar da komai ya yi ɗan rawaya-rawaya. Shi kansa turmin, launin da zai nuna a ƙarƙashin fitilar shago daban yake da wanda zai nuna a inuwa da hantsi. Saboda haka ba a yanke hukunci don shuɗin hoto ya ɗan fi na turmi duhu. Abin da ake dubawa shi ne adadin launukan, da wurin da kowanne ya zauna, da kuma dangantakarsu: wanda ya fi duhu a hoto ya kamata ya fi duhu a turmi.

Haka nan ɗan gocewar launi daga kan layin zane ba aibi ba ne. Tun da launukan ana ƙara su ne daga baya, yakan faru wani ya ɗan haura layi ta wannan gefe, ya bar siririn fari ta wancan. Fasalin takardar da ake mannawa ma yana cikin wannan rukuni, domin kamfanoni sukan sabunta takardunsu lokaci zuwa lokaci. Turmin da ya daɗe a ajiye zai iya ɗaukar tsohuwar takarda, hoton kuma ya nuna sabuwa.

5.3 Siffofin da Dole Su Saɓa

Wannan rukuni shi ne wanda ba a cika sani ba. Jijiyoyi da ɗige-ɗigen da kaki ya bari ba sa maimaita kansu. Yanayinsu da yawansu za su yi kama da na hoto, amma matsugunin kowane ɗigo ba zai zama ɗaya ba. Mai yin jabu da ba ya amfani da kaki yakan zana jijiyoyin da ɗige-ɗigen ne a jikin abin bugunsa tare da sauran zanen. Sakamakon haka, duk inda zanen ya maimaitu, ɗige-ɗigen ma sai su maimaitu a wuri ɗaya da sura ɗaya.

Ana iya kwatanta wannan da sa hannu. Mutum ba ya sa hannu sau biyu su hau kan juna daidai wa daida. Idan aka sami takardu biyu da sa hannunsu ya hau kan juna ba tare da ko ɗan bambanci ba, to an kwafi ɗaya ne daga ɗaya. Ke nan a wannan rukuni, cikakkiyar dacewa ita ce abin zargi.

6.0 Shirya Wurin Kwatanci

Kafin a fara, akwai shiri da ya wajaba, domin yawancin kurakurai daga nan suke tasowa. A shimfiɗa aƙalla yadi biyu na turmin a kan tabarma ko tebur, a miƙar da shi ba tare da an ja shi ba. A yi aikin a inuwa da rana, ba cikin rana tsaka ba, ba kuma a ƙarƙashin fitila mai launi ba. A tanadi tef ɗin tela da takarda da alƙalami.

Ya fi kyau a ɗauki hoton turmin, sa'annan a kwatanta hoto da hoto a waya ɗaya, domin ta haka duk karkatar launin da allon ke yi za ta shafi hotunan biyu. A riƙe wayar a saman ƙyallen kai tsaye, kada a karkata ta. Idan aka ɗauka daga gefe, zanen da ke kusa zai yi girma, na nesa ya ƙanƙance, da'ira kuma ta koma kamar ƙwai. Kada a matso da wayar sosai, domin hakan yana lanƙwasa layukan da ke gefen hoto. Gara a ɗan ja baya a yanke abin da ba a buƙata. A kuma yi amfani da kyamarar baya, domin ta gaba takan juya hoto kamar madubi, sai tsuntsun da ke kallon dama ya koma kallon hagu.

Abu na ƙarshe shi ne a daidaita fuskantar hotunan. A duba inda bakin atamfar yake a hoton kamfani idan ya fito, a juya na turmin ya yi daidai da shi. Bayan haka sai a bi tsari ɗaya: daga rubutu zuwa zane, daga babban abu zuwa ƙarami. A kowane mataki a fara duban hoton kamfani, a rubuta abin da aka gani, kafin a dubi turmin. Wanda ya fara da turmin, idonsa yakan je hoton yana neman abin da ya riga ya gani, sai ya tsallake abin da babu.

7.0 Misali Daki-daki

Mu ƙaddara wata mata ce aka ɗora wa alhakin haɗa lefen ƙanenta. Ta karɓo turmi guda na yadi shida a kan kuɗin Holanda, da sharaɗin za ta iya mayarwa idan ba a yanka ba. Zanen na tsuntsu ne a cikin wata da'ira mai surar ƙwai, da reshe mai ganyaye a ƙarƙashinsa. Duk alƙaluman da za su biyo baya an tsara su ne don koyarwa, ba na wani zane takamaimai ba ne.

Mataki na farko shi ne lamba. Ta karanta lambar da ke kan takarda, ta karanta ta bakin atamfar, ta ga sun yi daidai. Ta nemi lambar a wurin kamfanin, sai hoton zanen tsuntsu ya fito da launuka irin na turminta. Da a ce lambar ta fito da wani zane dabam, kamar na furanni, da binciken ya kusa ƙarewa tun a nan. Amma dacewar lamba ba ta wanke turmin ba, domin kwafar lamba abu ne mai sauƙi.

Mataki na biyu shi ne rubutun baki. A nan ba karatu ake yi ba, ƙirga ake yi. Ido mai karatu yana gyara kuskure da kansa ba tare da mai shi ya sani ba, don haka ta bi haruffan ɗaya bayan ɗaya daga ƙarshe zuwa farko. Kalmar Hollandais, alal misali, tana da haruffa 10, da harafin l guda biyu a jere. Ta ƙirga ta sami 10. Ta dubi kaurin haruffan da tazarar da ke tsakaninsu, ba ta ga abin zargi ba. Ta rubuta cewa wannan mataki ya dace.

Mataki na uku shi ne ƙirgar sassan zane. A hoton kamfani ta ƙirga ganyen reshe ta sami 7, huɗu a sama uku a ƙasa. Ta ƙirga gashin jelar tsuntsun ta sami 5. A turmin, ganyen 7 ne, amma gashin jelar 4 ne, kuma wasu siraran layuka da ke cikin kowane ganye a hoto sun haɗe sun zama baƙin tabo guda. Ba ta yi saurin yanke hukunci ba, domin mai yiwuwa rini ne ya cike gurbin a wannan wuri kaɗai. Sai ta duba tsuntsaye uku a wurare daban-daban na turmin, ta tarar duk jelarsu 4 ce. Saɓanin da ya maimaitu a ko'ina ba hatsarin rini ba ne, daga abin bugun yake. Irin wannan yana faruwa ne idan aka sake zana zane daga jikin wani ƙyalle, domin ƙananan layuka su ne ke fara salwanta.

Mataki na huɗu shi ne awo. Hoto ba ya nuna girman abu na zahiri, amma yana riƙe da gwargwadon wani sashe a kan wani. A allon wayarta, ba tare da ta sauya girman hoton ba, ta auna tsawon da'irar ta sami santimita 2. Ta auna daga farkon wata da'ira zuwa farkon mai bi mata a layi ɗaya ta sami santimita 5. Ke nan tazarar ta ninka tsawon da'irar sau biyu da rabi. A jikin turmin da'irar santimita 16 ce. Idan aka ninka 16 sau biyu da rabi za a sami 40, wato abin da ya kamata tazarar ta kasance ke nan. Da ta auna sai ta sami 36. Ƙyallen auduga yana ɗan miƙewa ko ya ɗan tsuke, don haka ba a damuwa da bambancin santimita guda. Amma a nan an rasa 4 cikin 40, wato kashi ɗaya cikin goma, alhali da'irar ba ta tsuke tare da tazarar ba. Wannan yana nuna an matso da zanen ne domin ya dace da abin bugu mai wani girma dabam.

Mataki na biyar shi ne ɗige-ɗige. Ta zaɓi wani gungu na ɗigo uku da ke kusa da bakin tsuntsu na farko, mai surar duwatsun murhu. Ta matsa zuwa inda zanen ya sake maimaituwa, sai ga gungun nan a wuri ɗaya da sura ɗaya. Ta sake matsawa, ta sake ganinsa. A hoton kamfani kuwa, ɗige-ɗigen da ke kusa da bakin kowane tsuntsu daban suke. Daga nan ta juya bayan turmin, ta ga shuɗin bayan ya kasa na gaba ƙarfi sosai, alhali ƙyallen da aka tsoma a rini fuskokinsa biyu ne ke shan launi.

Idan aka tattara, matakai biyu sun dace, uku sun saɓa. Ba a yin hukunci da rinjayen adadi, ana yin sa ne da nauyin kowace hujja. Biyun da suka dace, wato lamba da rubutu, su ne mafi sauƙin kwafa. Ukun da suka saɓa kuwa sun shafi abin bugu da kuma hanyar rini, waɗanda ba a iya gyara su da manna takarda. Matar tana da hujjar mayar da turmin. Kuma abin da za ta faɗa wa mai shagon ba zargi ba ne, bayani ne da shi ma zai iya dubawa da idonsa: jela huɗu maimakon biyar, tazara 36 maimakon 40, da ɗigon da ke maimaita kansa. Sau da yawa shi ma ɗan kasuwar a haka aka sayar masa.

8.0 Iyakar Abin da Hoto Ke Tabbatarwa

Abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne, saɓani da dacewa ba su da nauyi ɗaya. Saɓani guda a siffar da inji ya ƙayyade ya isa ya rushe haja. Amma dacewa, ko da a wurare goma ne, ba ta tabbatar da asali, tana nuna kawai ba a kama kuskure ba. Dalili kuwa a fili yake: hoton da mai saye ya ɗauko, shi ma mai yin jabu yana iya ɗauko shi. Akwai ma masana'antun da ke amfani da kaki na gaske, waɗanda atamfarsu ke da launi a fuska biyu da ɗige-ɗigen da ba sa maimaituwa. Irin wannan atamfa za ta tsallake mataki na biyar, don haka ba a dogara da shi kaɗai.

Na biyu, rashin samun zane a cikin hotunan kamfani ba hujja ba ce cewa na jabu ne. Kamfanin da ya haura shekara 170 yana aiki yana da zane-zane masu yawan gaske, kuma abin da yake nunawa a kowane lokaci shi ne wanda yake sayarwa a lokacin. Idan ba a sami hoto ba, abin da za a ce shi ne ba a sami ma'auni ba, sai a nemi wata hanya.

Na uku, hoto ba ya ɗaukar abin da hannu ke ji, kamar nauyin ƙyalle da laushinsa da matsewar saƙarsa. Haka kuma takarda abu ce da ake iya ɓamɓarewa daga wani turmi a manna wa wani, saboda haka ingancin takarda ba ya wanke ƙyallen da ke ƙarƙashinta. Idan kwatancin hoto bai kama komai ba amma shakka ta ci gaba, mataki na gaba shi ne a ajiye turmin kusa da wani da aka saya daga dilan da kamfanin ya amince da shi.

A ƙarshe, ya kamata a bambance kwaikwayo da jabu. Atamfar da ta ɗauki zane mai kama da na Holanda amma ta rubuta sunan kamfaninta a bakinta, aka kuma sayar da ita a kan kuɗinta, ba ta yaudari mai saye ba. Jabu ita ce wadda ta ɗauki sunan da ba nata ba domin a biya kuɗin da ba nata ba.

9.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa hoton kamfani yana amfani ne idan an tabbatar da tushensa, an kuma tabbatar na wannan hajar ne. An ga cewa siffofin haja gida uku ne, kuma sanin yadda ake yin hajar shi ne ke nuna gidan da kowace siffa ta faɗa. An kuma ga cewa ƙirga da awo sun fi kallo amfani, sa'annan saɓani yana rushewa amma dacewa ba ta tabbatarwa. Wanda zai duba wata haja dabam, kamar takalmi ko cajar waya, sai ya fara da tambayar wane sashe ne inji ya ƙayyade, wane ne kuma aka bar wa dace.

10.0 Auna Fahimta

1. Kawo dalilai biyu da suka hana hoton da ɗan kasuwa ya turo zama ma'auni.
2. Me ya sa maimaituwar ɗige-ɗige a wuri ɗaya take zama abin zargi a atamfar kaki, amma maimaituwar zane ba ta zama ba?
3. A hoton kamfani, faɗin wani fure santimita 3 ne, tazarar maimaicinsa kuma santimita 9. A jikin turmi faɗin furen santimita 14 ne. Nawa ya kamata tazarar ta kasance?
4. Bayyana abin da ya sa ba a yanke hukunci da ɗan bambancin launi tsakanin hoto da ƙyalle.

11.0 Jinga

Samo turmin atamfa ko zani guda, ka shimfiɗa shi kamar yadda aka bayyana a sashe na 6.0. Rubuta siffofinsa guda tara, uku a ƙarƙashin kowane rukuni na sashe na 5.0, tare da dalilin da ya sa ka sanya kowace siffa a inda ka sanya ta. Idan wani rukuni ya ƙi cika, bayyana abin da hakan ke nunawa game da yadda aka buga atamfar.